Yayana na zargina a kan ribar atamfa, ni kuwa dala ce ta cinye ta

Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Yayana ne ya zuba jari, naira miliyan 16, ni nake juyawa, riba mu raba biyu. Na saro turmi 2,000 daga Chaina a kan dala 10 kowanne. Na ba da kafin alƙalami dala 8,000 lokacin dala tana 1,500. Ranar da aka loda kayan tana 1,520, cikon dala 12,000 ya zama bashi a kaina. Jirgi, kwastam da dako sun ci naira 3,760,000. Na sayar da turmi 1,500 a kan 19,500. Na ɗan jinkirta biya ina jiran dala ta sauko, sai ta hau: na biya dala 7,000 a kan 1,600, saura 5,000, ga shi yau da muka zauna lissafin shekara tana 1,650. Yaya ya ce ribarmu 3,750,000 ce, in ba shi rabinsa. Na ce ba ta kai ba, sai ya ce in dala ta tashi ai kayan da ke shago ma sun tashi, to ina kuɗin? Maganar har ta kai gaban Hajiyarmu. Wallahi ban ci ko sisi ba, amma na kasa nuna masa a rubuce. Yaya zan rubuta wannan faɗuwa?

Ƙaninka a Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya huci zuciyarka. Zargin ɗan'uwa ya fi asarar kuɗi ciwo, balle a ce maganar ta je kunnen mahaifiya. Amma kwantar da hankalinka, na bi alƙaluman da ka turo ɗaya bayan ɗaya, kuma sun haɗu daidai, babu naira ɗaya da ta yi ɓatan dabo. Abin da ya faru shi ne littafinka yana da shafin saye da shafin sayarwa, amma ba shi da shafin canji, alhali a nan kuɗin suka bi.

Mu fara da kuɗin kayan, domin a nan yawancin 'yan kasuwa suke rikicewa. Kayan da ka saro da dala, sau ɗaya ake yanka musu farashi da naira, daga nan ba a sake taɓa shi. Dala 8,000 da ka bayar kafin alƙalami ta riga ta fita daga hannunka a kan 1,500, wato naira miliyan 12, kuma duk abin da dala ta yi bayan ranar bai shafe ta ba, tunda kaya kake jira, ba kuɗi za a mayar maka ba. Cikon dala 12,000 kuwa ana lissafa shi da farashin ranar da kayan suka zama naka. Idan yarjejeniyarku da mai kayan ita ce da zarar an loda sun shiga wuyanka, to ranar lodin ke nan, a kan 1,520, ya kama naira 18,240,000. Haɗa su biyu, ka ɗora kuɗin jirgi da kwastam da dako, za ka samu naira miliyan 34 cif. Raba wa turmi 2,000, kowane turmi ya zo maka shago a kan 17,000. Ka rubuta wannan adadi ka ja layi a ƙarƙashinsa. Wannan ba ra'ayina ba ne, haka ƙa'idar akantoci ta IAS 21 ta tanada, wadda kamfanonin da ke bin ƙa'idojin lissafi na duniya a Najeriya suke aiki da ita.

To a nan sai ka ba Yaya gaskiyarsa, domin lissafinsa bai karkace ba. Turmi 1,500 a kan 19,500 sun kawo naira 29,250,000, kuɗin sarinsu 25,500,000, tsakani 3,750,000. Wannan ita ce ribar ciniki, kuma ta nuna ka iya sayar da atamfa. Inda ya tsaya bai ƙarasa ba shi ne bashin. Farashin kayan ya tsaya cak tun ranar lodi, amma bashin da ke kanka dala ce, mutumin Chaina bai san wata aba naira ba, dala 12,000 yake jira. Saboda haka duk safiyar da 'yan canji a Wapa suka sauya farashi, nauyin bashinka da naira ya sauya, ko kana sane ko ba ka sane.

Ga yadda za ka rubuta. Buɗe wa mai kayan shafi na kansa, ka ja layuka huɗu: kwanan wata, dala, farashin canji, naira. Rubutun farko, ranar lodi: dala 12,000, farashi 1,520, naira 18,240,000. Ranar da ka biya dala 7,000, abin da ya fita daga aljihunka naira 11,200,000 ne, amma bashin da ka sauke a littafi, a kan farashin da aka rubuta shi, naira 10,640,000 ne kawai. Rarar 560,000 ɗin ba ta sayo maka ƙarin turmi ko ɗaya ba, ba ta rage maka ƙarin dala ko ɗaya ba. Ita ce faɗuwar canji, kuma ta tabbata, tunda kuɗin sun fita. Ka cire 10,640,000 daga shafin mai kayan, ka kai 560,000 sabon shafi mai suna ribar canji da faɗuwarsa, ka rubuta kwanan wata da farashin biyun a gefenta.

Saura dala 5,000 da ba ka biya ba. A littafi tana nan a naira 7,600,000, amma ranar da kuka zauna rufe lissafi, in da mai kayan zai ce a ba shi kuɗinsa yau, sai ka nemo naira 8,250,000. Don haka ranar rufe littafi ana sake auna duk bashin dala da farashin ranar. Ka ƙara 650,000 a layin naira na shafin mai kayan, layin dala kuwa ka bar shi yadda yake, sannan ka kai 650,000 ɗin shafin canji, ka rubuta a gefenta cewa ba ta tabbata ba tukuna. Na san a nan Yaya zai ɗaga gira ya ce ta yaya za a cire masa faɗuwar da ba a yi ba. Amsar ita ce, in kun raba kuɗin yau kamar bashin yana kan 1,520, gobe da za a biya daga cikin uwar kuɗinsa za a ciro cikon. Idan kuma Allah ya sa dala ta sauko, kuɗin ba su tafi ko'ina ba. A ce wata mai zuwa ka biya a kan 1,580, naira 7,900,000 za ka fitar a kan bashin da littafi ya riƙe a 8,250,000, sai ka rubuta ribar canji 350,000 a lissafin sabuwar shekara, ku raba ta tare.

Yanzu haɗa: 560,000 da 650,000 sun zama 1,210,000. Cire daga 3,750,000, ribar da ta rage 2,540,000 ce, kafin a fitar da hayar shago da kuɗin yara da sauran ƙananan kashe-kashe da ba ka ambata ba. Rabon kowa 1,270,000, ba 1,875,000 ba. Duk wannan ɓacin ran a kan naira 605,000 yake.

Sai dai in ka je masa da zancen ƙa'idar akantoci, ba lallai ya saurare ka ba, mutumin da zuciyarsa ta riga ta ɗarsu ba ya son dogon Turanci. Ka bi ta hanyar da kowane ɗan kasuwa ya yarda da ita, wato ƙirga. Miliyan 16 ya ba ka. Ka fitar da miliyan 12 da 3,760,000, saura 240,000. Ciniki ya shigo da 29,250,000, ka biya 11,200,000. Ke nan ya kamata a samu naira 18,290,000 tsakanin banki da aljihun tebur da bashin da kake bin abokan ciniki, ban da abin da ka kashe wa shago da shaidarsa. Ga turmi 500 a jibge, kuɗinsu 8,500,000, ya zo ya ƙirga da hannunsa. Jimla 26,790,000. Cire bashin Chaina a farashin yau, 8,250,000, saura 18,540,000. Cire jarinsa, abin da ya rage 2,540,000, adadin nan dai da muka samu ta ɗaya hanyar. Idan hanyoyi biyu suka kai ku wuri ɗaya, zargi ba shi da wurin zama. Ka fara yin wannan ƙirgar kai kaɗai kafin ka kira shi. In ka ga giɓi, ka nemo shi tukuna, galibi yana cikin bashin da aka ba wani ba a rubuta ba ko ladan ɗan canji.

Maganarsa ta cewa kayan shago ma sun tashi kuwa, kada ka yi watsi da ita, akwai hankali a ciki. A littafi ba a ɗaga kuɗin kaya don dala ta hau, turmi 500 ɗin suna nan a 17,000 har ranar da za a sayar. Dalili kuwa, bashin dole ne a biya shi da dala, amma babu wanda ya yi maka alkawarin zai sayi atamfarka da tsada, sai kasuwa ta yarda. Hasali ma abin da ƙa'ida ta yarda da shi akasin haka ne: in kaya suka yi kwantai har abin da za su kawo ya gaza kuɗin sarinsu, rage su ake yi. Amma wajen yanka farashin sayarwa, Yaya ya fi ka gaskiya. Turmin da za ka sake sarowa yau dala 10 ne a kan 1,650, wato 16,500, ka ɗora 1,880 na jirgi da kwastam da dako, ya kama 18,380, kuma ko wannan ma an yi masa sassauci, tunda kuɗin jirgi da dala ake yankawa, kuɗin fito ma yana bin farashin canji. Ke nan duk turmin da ka sayar a 19,500 kana murnar ribar 2,500, abin da zai rage maka bayan ka mayar da gurbinsa bai fi 1,120 ba. Littafi yana bin abin da ka biya jiya, farashin sayarwa kuwa abin da za ka biya gobe ya kamata ya bi. Idan ka ɗaga farashin ragowar kasuwa kuma ta karɓa, ribar da Yaya ke hange za ta fito, amma ranar da aka sayar za a rubuta ta.

Yanzu bari in faɗa maka wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Ba ka ci amana ba, amma jinkirin da ka yi kana jiran dala ta sauko shawara ce babba, kuma da dukiyar wani ka yanke ta ba tare da ka tuntuɓe shi ba. Ban ce wauta ka yi ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, an ga dala ta haura 1,800 a kasuwar bayan fage a Fabrairun 2024, zuwa Afrilu kuma ta sauko ƙasa da 1,200. Wanda ya jinkirta biya a wannan tsakanin ya ci riba mai yawa, wanda ya jinkirta bayan nan kuma ya sha kashi, kuma babu ɗayansu da ya san gaibu. Abin da ya ɓata wa Yaya rai, a ganina, shi ne sai ranar rabo ya fara jin labarin. Da tun ranar da ka biya a kan 1,600 ka kira shi ka ce Yaya, yau canji ya ci mana 560,000, da ranar lissafi ba ta zo masa da ba-zata ba. Ka fara zaman da wannan, ka ce ka yi kuskure da ba ka sanar da shi ba. Wannan ba amsa laifin cin kuɗi ba ne, kuma zai sassauta masa zuciya ya saurari sauran.

Akwai kuma tambayar da ba ku taɓa yi wa juna ba, kuma ita ce za ta sake haɗa ku faɗa baɗi in ba ku warware ta ba: jarin nan da naira ake auna shi ko da dala? Ranar da ya ba ka miliyan 16, dala tana 1,500. Yau da take 1,650, kafin ka saro abin da miliyan 16 ta saro a lokacin sai ka nemi miliyan 17 da 600,000. Wato daga cikin ribar 2,540,000, naira 1,600,000 ba ta yi komai ba illa riƙe ƙarfin jarin a inda yake. In kuka rabe ta duka kuka kashe, a takarda jarin Yaya yana nan lafiya lau, amma kwantenar gaba za ta zo da turmi ƙasa da na bana. A irin wannan haɗin gwiwa da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi, ba a maganar riba sai uwar kuɗi ta cika, kuma faɗuwar da ba ta sakaci ba ce a kan dukiya take, mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Tunda naira ya miƙa maka, na bana da naira za ku auna, kada wani ya sauya sharaɗi bayan an gama ciniki. Na gaba kuwa ku zauna ku zaɓa. Kuna iya barin jarin a naira amma ku yarda kowa ya bar wani kaso na ribarsa a shago, a rubuta shi da sunansa a matsayin ƙarin jari. Kuna iya kuma warware lissafin bana kakaf, ku buɗe sabo da jarin da aka miƙa da dala tun farko. Ku kai wa malamin da kuka amince da shi ya duba muku sharuɗɗan kafin ku sa hannu.

Game da hana irin wannan faɗuwa, ga wata dabara mai sauƙi. Bashin dala 12,000 a kan turmi 2,000 yana nufin kowane turmi yana ɗauke da dala 6 ta mutane. Duk ƙarshen mako ka ƙirga turmin da ka sayar, ka sayi dala 6 a kan kowanne, ka tura wa mai kayan ko ka ajiye ta a asusun dala. Da haka ka yi, da yanzu ka sauke dala 9,000 a kan farashi daban-daban, ba ka tsaya jiran rana ɗaya ba. Dabarar tana da nata kuɗin: in naira ta yi ƙarfi, za ka ga da ka jira da ka samu sauƙi, kuma turawa kaɗan-kaɗan tana ƙara ladan masu turawa. In ba ku son wannan, ku yanke iyaka tun farko, misali kada bashin dala ya wuce kwana talatin ko kada ya haura wani adadi sai da yardar ku biyun. Ka kuma lura da bashin da kake bayarwa. Mai bin mutane naira na wata uku alhali ana bin sa dala, shi ke ɗauke wa kowa nauyin canji.

In ka fara ajiye dala, ita ma ka buɗe mata shafi irin na mai kayan, domin dalar da ke hannu ana sake auna ta ranar rufe littafi, sai dai ita in dala ta hau riba take kawowa, ta rage zafin faɗuwar da ke kan bashin. Ladan ɗan canji da cajin banki kuma kada ka cusa su cikin faɗuwar canji, ka ba su layinsu a cikin kashe-kashe, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin nawa dala ta ci maka ba, nawa kuma masu turawa suka ci. Farashin da za ka riƙa rubutawa shi ne wanda da gaske kake samun dala a kansa, kuma wuri ɗaya za ka riƙa ɗauka kullum. Wanda ya rubuta bashi da farashin hukuma sannan ya biya da na Wapa zai ga faɗuwar da wani ɓangarenta ba motsin dala ba ne, bambancin kasuwa biyu ne. Ka adana rasit da saƙon banki da hoton farashin ranar. Za su yi maka amfani a gaban Yaya, haka ma a gaban masu haraji, waɗanda sukan bambance faɗuwar da ta tabbata da wadda ke kan takarda. Shi ya sa na ce ka riƙa yi wa kowace alama a gefe, sauran kuma akanta ya duba maka lokacin cike takardu.

Akwai gwaji biyu da za su nuna maka ko shafin yana tafiya daidai. Bayan kowane rufe littafi, raba abin da ke layin naira da abin da ke layin dala, dole ya ba ka farashin ranar: 8,250,000 a raba wa 5,000 ya ba da 1,650. Sannan ranar da layin dala ya koma sifili, layin naira ma dole ya koma sifili. In wani abu ya maƙale, ribar canji ce ko faɗuwarsa da ba ka rubuta ba. Kurakuran da aka fi yi guda biyu ne: mutum ya ɗora faɗuwar a kan kuɗin turmi sannan ya sake cire ta daga riba, ya ci kansa sau biyu, ko kuma baɗi ya manta an riga an ɗaga bashin zuwa 1,650 ya sake aunawa daga 1,520.

Hajiya kuwa ku cire ta daga tsakiyar lissafi, ba adalci ba ne a sa uwa ta zaɓi tsakanin 'ya'yanta a kan farashin dala. Ka je ka gaishe ta, ka ce mata in sha Allahu za ku zauna da Yaya a warware, ta sa muku albarka. Zaman kuma a shago ya kamata a yi shi, inda kayan suke, da wani dattijon kasuwa da Yaya ke ganin girmansa wanda shi ma yake saro kaya da dala, domin abin da zai ƙi ji daga bakin ƙaninsa zai ji daga bakin tsaransa. Ka tura masa takardar lissafin da bayanin asusun banki kwana biyu kafin ranar ya duba a nitse. In ya yarda a ba shi rabin abin da ya rage daga 2,540,000 bayan an cire kashe-kashen shago, to madalla. In kuma har yanzu 650,000 ɗin ce ta tsaya masa a rai, ka ba shi zaɓi: ku sayi dala 5,000 ɗin a wannan makon daga kuɗin da ke hannu, ku biya mutumin Chaina, ku rubuta farashin da aka samu a gabansa, sannan ku raba abin da ya rage.